Bororon da bai yi mini zafi ba

Na haura shekara goma da ciwon sukari. Mu masu wannan lalura in muka haɗu, hirarmu ba ta wuce ta baki: wa ya daina shayi, wa yake satar shan fura, nawa awo ya nuna da safe. Da wuya ka ji an ambaci ƙafa, sai ran da aka yanke ta wani, a taru a yi jaje. Shi ya sa nake so in ba da labarin wani ɗan bororo da ya fito mini a tafin ƙafar dama, tun daga daren da aka gan shi har ya rufe, domin abin da na gani da idona ya sha bamban da abin da ake faɗa a majalisa.

Sana'ata aya da wake, saye da sayarwa a buhu, a nan Maradi. Aiki ne na tsayuwa da zirga-zirga tsakanin shago, magaza da tasha. Cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara, na sa sabon takalmin fata na je ɗaurin aure, daga can na wuce ta'aziyya, na biya magaza kafin in koma gida. Bayan isha'i ina zaune a tabarma na miƙe ƙafafu, sai uwargida ta haska fitilar waya ta ce, "Alhaji, mene ne wannan a ƙafarka?" Bororo ne a gindin babban yatsa, daidai tudun nan da mutum ke dogarawa in zai ɗaga sawu, manne da wata kanta da na daɗe da ita. Faɗinsa bai kai na farcen ƙaramin yatsa ba. Ruwan cikinsa kuma ba fari tas ba ne, da ɗan duhu-duhu. Ta danna da yatsa, ta sake dannawa, ban ji komai ba.

Ita ce ke raka ni awo, kuma ta fi ni riƙe abin da ake faɗa mana. Ta ce majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya taɓa cewa duk raunin da ya fito a ƙafar mai sukari, komai ƙanƙantarsa, kada ya kwana biyu ba a nuna shi ba. Abin da muka yi a daren bai da yawa. Ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce sarai, ta wanke wurin da sabulu, ta tsane shi, ta ɗora kwampires mai tsabta ta ɗaure sako-sako. Ba mu fasa ba, ba mu shafa komai ba. Da asuba na yi awo kafin in ci wani abu, na'ura ta nuna giram 2,3 a lita, alhali na saba gani tsakanin 1,4 da 1,6, kuma ban ci wani abin da ban saba ci ba. Da aka kwance ɗaurin, bororon ya riga ya fashe da kansa.

Majon ƙaramin asibitin unguwarmu bai ɓata lokaci ba. Ya duba, ya taɓa da bayan hannu, ya ce, "Alhaji, wannan ba na nan ba ne. Ga takarda, yau ɗin nan ka ga likita. Kuma kada ka tafi a ƙasa." Ɗana ya tsayar da adaidaita.

Likitan matashi ne, bai wuce sa'ar babban ɗana ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai fara da raunin ba. Ya ce in cire takalma duka biyu, ya ɗauki sabon takalmin ya zura hannu ciki yana laluben ɗinki. Sannan ya fito da wani siririn zaren roba mai ɗan tauri, ya taɓa mini shi a hannu don in san yadda ake jinsa, ya ce in rufe ido, duk lokacin da na ji an taɓa ni in ce "e". An ƙera zaren ne yadda zai lanƙwashe in nauyin da aka danna ya kai giram 10, kuma ƙafa mai lafiya tana jin wannan. Na yi shiru ina jira ya fara. Can sai na ji ya ce, "Baba, buɗe ido, ai na gama." Ya taɓa ƙarƙashin babban yatsa, ya taɓa gindinsa, ya taɓa gindin ƙaramin yatsa, a dama ban ji ko ɗaya ba, da ya koma hagu kuma na ji wuri guda.

A nan ne ya yi mini bayanin da ya sa na fahimci sauran. Sukari in ya daɗe da yawa a jini yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji, kuma yana farawa da mafiya tsawo, wato waɗanda suka sauka har yatsun ƙafa. Alamun farko na san su, ban dai san sunansu ba: zafin tafin ƙafa da dare, jin kamar ana tsira allurai, wani lokaci takalmi ya zame daga ƙafa ban sani ba. Daga baya waɗannan suka yi sauƙi, ashe ba warkewa ba ce, jin ne ya ƙara mutuwa. Mai lafiya in takalmi ya fara cin shi, kafin bororo ya fito ya riga ya ɗingisa ko ya cire takalmin. Ni kuwa na yini cur ina takawa a kan wuri guda. Ya ce mu mutanen Maradi bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, ga asibitin Danja nan kusa da aka daɗe ana kula da masu kuturta. Yawancin yatsun da suke rasawa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba, rashin jin zafi ne ke sa su ƙone ko su ji rauni ba su sani ba, har wurin ya ruɓe. Hanyar kusan ɗaya ce.

Daga nan ya koma neman bugun jini. Wuri biyu ake laluba, bayan ƙafa ta sama, da kuma bayan idon sawu ta ciki. Ya same su duka. Ya tambaye ni ko sha-raɓata na ciwo in na yi tafiya, ciwon ya lafa in na tsaya, ko ƙafa na yi mini sanyi, ko ina shan taba. Na ce babu. Ya ce, "To alhamdu lillahi, rabin aiki ya yi sauƙi." Domin sukari yana kuma toshe hanyoyin jini, kuma raunin da jini ba ya isa gare shi ba ya warkewa ko da wane irin magani aka sa, maganin da aka sha ma ba ya kaiwa wurin yadda ya kamata. Da bai sami bugun ba, da sai an fara hoton hanyoyin jini, kuma da bai sa wuƙa yadda ya sa mini ba.

Wuƙar ita ce ta tayar mini da hankali. Ya ɗauki ƴar wuƙar tiyata ya shiga feraye kantar sala-sala, ba allurar kashe zafi, tunda babu zafin da za a kashe. Ina kallo abin da na zo da shi ƙanƙane yana ƙara faɗi. Da ya gama, ga rami nan ja, tsawonsa santimita 1,4, faɗinsa santimita 1, da ɗan ruwa mai kauri a gefe. Na ce, "Likita, ai ka ƙara shi." Ya ce, "Baba, ban ƙara ko kaɗan ba, rufin na cire. Wannan ba na jiya ba ne. Ya daɗe yana ci a ƙarƙashin kanta, sabon takalmi ya tona shi kawai." Kanta busasshiyar fata ce mai tauri, kuma duk takun da mutum ya yi tana danna naman da ke ƙarƙashinta har ya fara zubar da jini a ɓoye. Duhun da muka gani a ruwan bororon, jinin ke nan. Saboda haka mai sukari in ya ga kantarsa ta yi ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa a tsakiya, ya sani miki na kan hanya ko ma ya riga ya zo.

Sai ya ɗauko wani siririn ƙarfe marar tsini da aka dafa, ya zura a ramin a hankali yana laluben ƙasansa. Ƙashi yake nema. A wannan wuri tsakanin fata da ƙashi ba nisa, kuma in ƙarfen ya taɓa abu mai tauri, to akwai babban zaton ƙwayoyin cuta sun kai ƙashi. Wannan wani babi ne daban: magani na kusan mako shida, wani lokaci har da tiyata a cire ɓangaren da ya lalace. Hoton ƙashi ma ba ya nuna ɓarnar da wuri, yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ta bayyana, don haka ba a dogara da shi shi kaɗai. Nawa ƙarfen bai taɓa komai ba.

Akwai abin da ya koya wa uwargida wanda nake ganin duk gidan da ke da mai sukari ya kamata su sani. A littattafai ana cewa a duba ko fatar kewayen rauni ta yi ja. A baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi, ya ɗan tasa. Don haka hannu ya fi ido: a ɗora bayan hannu a wurin, a ɗora a daidai wurin a ɗaya ƙafar, a ji bambancin ɗumi. Ya sa ta gwada har ta gane. Sannan ya ɗauki biro ya zana layi a fatata, ya kewaye iyakar inda ɗumi da kumburin suka tsaya. Daga bakin raunin zuwa layin bai kai santimita 2 ba, kuma ba ni da zazzaɓi, shi ya sa ya ce zan iya shan magani a gida. Da ya wuce haka, ko ya yi zurfi, da maganar kwanciya ake yi da allura ta jijiya.

Ya ce da ita, "Hajiya, kullum safe da yamma ki duba layin nan. In kumburi ya tsallake shi, ko kin ji wari, ko mugunya ta ƙaru, ko wani yatsa ya fara baƙi, ko jikinsa ya yi zafi yana rawar sanyi, ko kaluluwa ta fito masa, kada ku jira ranar da na ba ku. Ko tsakar dare ne ku taho." Ya ƙara da abu biyu da ban taɓa ji ba. Na farko, mai sukari na iya samun mummunar cuta a ƙafa ba tare da zazzaɓi ba, sai dai a ga awo yana ta hawa ba dalili, kamar yadda nawa ya yi da safen nan. Na biyu, ƙafar da ba ta jin zafi in ta fara ciwo kwatsam, ba murna ake yi ba, alama ce abu ya yi zurfi. Cutar tana bin jijiyoyin da ke cikin tafin ƙafa ta haura, kuma abin da ya yi makonni yana tafiya a hankali yana iya cin rabin ƙafa cikin kwana biyu ko uku.

An rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta, amoksisilin ɗin nan da ake haɗawa da wani sinadari, na sha na kwanakin da aka ƙayyade. Irin nawa mako ɗaya zuwa biyu ake ba da shi, ba a ci gaba da sha har sai rauni ya rufe, domin aikinsa kashe cuta ne, ba haɗa fata ba. An yi mini allurar tetanus tunda ban tuna rabona da ita ba. Awon jinin nan mai nuna matsakaicin sukarin wata uku ya fito kashi 9,4 cikin ɗari, alhali ana so yawancinmu mu tsaya wajen kashi 7. Sukari mai yawa yana rage ƙarfin ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, kuma yana jinkirta tsirowar sabon nama. Saboda haka aka ƙara mini insulin da dare a kan metfomin da nake sha, aka ce in ajiye sukari ƙwaya uku kusa, in na ji gumi da karkarwa, ko awo ya faɗi ƙasa da giram 0,7, in sha nan take.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Mai wuyar shi ne abin da ya faɗa a ƙarshe: "Baba, babban maganinka ba ya cikin takardar nan. Kada ka taka wurin."

Na ɗauka maganar kwana biyu ce. Ya ce a'a, har sai ya rufe. Sabon naman da ke tsirowa a cikin rauni laushi gare shi ƙwarai, tamkar gero ne da ya fara huda ƙasa, in kullum ana bi ta kansa, ko damina ta yi kyau ba zai tashi ba. Ɗan takun da mutum ke rainawa, daga ɗaki zuwa bayi, daga zaure zuwa masallaci, ya isa ya rushe abin da jiki ya gina cikin dare. Kuma tunda ba zafi, babu abin da zai tuna maka. Ya ce hanyar da ta fi kowace aiki ita ce a naɗe ƙafar da siminti irin na karaya, wanda marar lafiya ba zai iya cirewa ba, amma ana son wanda ya ƙware a naɗin, kuma shi ya fi so ya riƙa ganin raunin tunda akwai cuta a ciki. Abin da muka yi shi ne sandunan dogarawa guda biyu, da takalmi na musamman. Ya zana wa baduku yadda yake so: ƙasa mai kauri da tauri da ba ta lanƙwashewa, tudu a wajen dunduniya don nauyi ya koma baya, shimfiɗa mai laushi a ciki da aka rarake daidai inda raunin yake, da maɗauri mai faɗi.

Takalmin farko bai yi daidai ba, kuma uwargida ce ta gano. Bakin ramin da aka rarake a shimfiɗar yana da kaifi, ya bar mini shatar zobe a kewayen raunin, fatar wurin ta fara tauri. Muka koma da shi, likita ya sa aka faɗaɗa ramin aka sassabe bakinsa ya yi gangare. Ya kuma ja hankalinmu ga ƙafar hagu, wadda yanzu take ɗauke da kusan dukan nauyina, ita ma ga ta ba ta ji sosai. Ya ce ba sau ɗaya ba ya ga an warkar da dama an buɗe hagu.

Salla ma sai da aka gyara. A zaman tahiya muna kafe ƙafar dama, cikin babban yatsa a ƙasa, kuma a sujada yatsu na lanƙwashewa, wato daidai inda raunin yake ake matsawa. Na aika aka tambayi limamin unguwarmu, ya ce in yi salla a zaune, in shafa a kan ɗaurin wajen alwala maimakon wankewa, addini ya ba da wannan sauƙi. Na koma salla a gida kan kujera. Shago na bar wa ɗana da ƙanena, ina bin ciniki ta waya. Gaskiya wannan ne ya fi ci mini rai. Mutum ya zo duba ka, ya same ka garau kana shan iska, ya ce, "Alhaji, don wannan ɗan abin ka bar kasuwa?" Kowa kuma da maganin da ya zo da shi: garin bagaruwa, toka, man shanu, a fasa kafso a barbaɗa, a gasa da ruwan zafi. Na gode wa kowa, ban sa ko ɗaya ba. Gashin nan ya fi ba ni tsoro, domin ƙafar da ba ta ji zaren likita ba, ba za ta ji ruwan da zai sale ta ba.

Wankin raunin kuwa ba wani abin mamaki a ciki. A farko ma'aikacin asibiti ke yi, daga baya aka koya wa uwargida. Ta wanke hannu da sabulu, ta sa safar hannu, ta jiƙa tsohon kwampires in ya manne don kada ya fizge sabon nama, ta wanke ramin da ruwan gishirin asibiti, serom ɗin nan da ake sayarwa a farmasi, ta tsane gefe, ta rufe. An hana mu jan magani da shuɗi, domin suna rina fata su ɓoye alamun da ake son gani, an hana barasar wanke rauni domin tana ƙone sabon nama, an hana tsoma ƙafa cikin ruwa. Wajen wanka leda nake sawa in ɗora ƙafar kan kujera. Duk mako likita na sake feraye kantar da ta taru a bakin raunin, domin fata ba ta iya rarrafowa ta rufe rami in bakinsa ya yi tauri, sannan ya auna ya rubuta.

A layin wankin rauni ne na haɗu da wani bawan Allah daga wani ƙauye ta wajen Madarunfa, manomi, bai kai ni shekaru ba. Ƙaya ce ta soke shi a gona ta cikin silifa, bai sani ba sai da ya ga jini. Ya cire ta, ya barbaɗa kafso, ya ci gaba da aiki. Da ƙafar ta kumbura aka yi ta gashi, aka kai shi wajen mai magani. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa tun farko, ya ce, "Alhaji, ai cewa ake yi in mai sukari ya kai ƙafa asibiti yankewa suke yi." Ranar da aka kawo shi yatsu biyu sun riga sun yi baƙi, kuma an cire su.

Wannan magana ta yankewa ni ma na sha jin ta a kasuwa, kuma a ganina ita ce ke cin ƙafafun mutane fiye da sukarin kansa. Mutane na ganin an shiga da ƙafa an fito babu, sai su ɗora wa asibiti. Ba sa ganin makonnin da aka yi a gida kafin a shiga. Shi kuma wanda ya je da wuri ya warke, ba wanda ke ba da labarinsa, tunda ba abin kallo a jikinsa. Mafi yawan yankewar da ake yi wa masu sukari daga ƙaramin rauni take farawa, irin nawa da irin nasa. Ba zan ce rashin kuɗi ba ya cikin abin da ke hana mutane zuwa ba, yana ciki, na ga abin da kwampires da serom da kuɗin adaidaita suka ci mini. Amma abin da wannan manomi ya kashe a kwanciya da tiyata, ga damina guda da ta wuce shi, ya ninka nawa nesa ba kusa ba.

Ɗumi da kumburi sun janye daga layin biro cikin makon farko, awon safe ya fara sauka. Raunin kansa kuwa a ido kamar ba ya motsi, sai a takardar likita ake ganin tafiyarsa. Ma'aunin da yake bi shi ne, in rauni bai ragu da kusan rabi ba cikin mako huɗu, to akwai abin da aka rasa gani: ko ana takawa, ko jini ba ya isa, ko cuta ta kai ƙashi, sai a sake bincike daga farko. Nawa a mako na huɗu ya koma santimita 0,8 da 0,6, cikinsa ja jawur mai ɗan gurza-gurza, gefensa da siririn zobe mai haske, wanda ya ce ita ce sabuwar fata. Ya rufe gaba ɗaya bayan kamar wata biyu.

Ranar da ya rufe na ɗauka an sallame ni, sai likita ya ce in ƙara mako biyu da takalmin baduku, sannan in fara tafiya kaɗan-kaɗan ina dubawa. Fatar tabo ba ta kai ta asali ƙarfi ba, jin da ya mutu bai dawo ba, kuma tudun ƙashin da ya haifar da kantar yana nan inda yake. Ya gaya mini cewa a binciken da aka yi, kusan mutum huɗu cikin goma da suka warke daga irin wannan miki yana dawo musu cikin shekara guda.

Saboda haka wasu abubuwa sun canza a gidana. Kowane dare ana duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitila, in uwargida ba ta kusa in sa madubi a ƙasa. Bayan alwala ina tsane tsakanin yatsu, domin danshin wurin ke kawo farin ruɓin nan da ke tsaga fata. Da hunturu ina shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu, kuma na daina miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta. Masu yawon yankan farce da reza na sallame su, a gida ake yanke mini, a miƙe, ba a bin lungu. Ranar Juma'a ina fita da wuri in sami cikin masallaci, domin simintin waje da rairayi da tsakar rana suna iya sale tafin ƙafa kafin a idar da raka'a biyu, kuma ina sa safa mai kauri. Uwargida ma ta gaya wa yayarta mai irin ciwona ta rage lalle a tafin ƙafa, don yana rufe launin da ake son dubawa.

Takalmi kuwa da yamma nake saye yanzu, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, in zura hannu in laluba cikinsa kafin in biya, kuma sabo ba ya wuce awa ɗaya ko biyu a ƙafata a ranakun farko, sai in cire a duba ko ya bar shata. An dakatar da insulin bayan awon wata uku ya sauko, an gyara mini ƙwayoyin da nake sha. Kantar tana sake tarowa a hankali kamar yadda likita ya ce za ta yi, kuma duk wata ɗaya zuwa biyu ina kai ta asibiti a feraye.